An rubuta bai zo ba

Shekarun da na yi ina riƙe rajistar masu jiran likita a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Anka, ba abin da ya fi ba ni haushi irin kalmomi ukun nan: bai zo ba. Kowane suna akwai gurbi a gabansa. Ana rubuta yana jira, ko an gan shi, ko an tura shi awon jini, ko bai zo ba. Wanda aka yi wa ta ƙarshen kuwa sai wani mako.

Wata Talata, ranar yaran da ake bibiya saboda gubar dalma, abokin aikina ne ya kira sunaye. Mutum ne da kujera ta fi kowa saninsa: ya ƙwala kira sau ɗaya, ya ja biro. Bayan azahar na karɓi littafin don in ga wa ya saura. Littafi ya ce babu kowa. A kan benci kuwa ga wata matashiya da yaro ɗan shekara uku kwance a cinyarta, ya yi laushi.

Na ce, "Baiwar Allah, wa kike jira?"

Ta ce, "Likita, Malama. Tun da safe munka taho daga wajen Bagega."

Na tambayi sunan yaron, sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Na karɓi katinsa na duba. Ga sunan a littafi, an rubuta bai zo ba.

"An kira shi, ba ki ji ba?"

"Na jiya. Ɗan fari na, ba ni iya amsawa gaban mutane. Inna ta saba kawo shi, yanzu ba ta da lahiya. Na ɗan ɗaga hannu, ba a gani ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mai ɗibar jini ƙarfe biyu yake rufewa, saura minti kaɗan. Na soke rubutun, na mayar da shi yana jira, na kai su da kaina. Sannan na dawo kan abokin aikina. Na ce masa shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya san uwa ba ta amsa sunan ɗan fari cikin taro, me zai hana shi ɗaga kai ya dubi benci? Ya ce shi littafi aka ba shi, ba kunyar mutane ba.

Don in rufe masa baki na buɗe shafukan baya. Talata biyu a jere yaron nan bai zo ba. Na leƙa ɗakin awo na tambayi uwar, ta ce duk sun zo, sun koma gida da la'asar.

Na sake duba shafukan. Duka biyun rubutun hannuna ne.