Na Fara Babin Ruwa Daga Ranar Jarrabawa

A shekarata ta farko da kama aikin koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata a Illela, na kwashe mako huɗu ina koya wa 'yan aji biyu babin ruwa a darasin kimiyya. Na cika allo da rubutu, suka kwafa. Na sa suka zana rana da gajimare da kibiyoyin da ke nuna yadda ruwa ke tashi sama ya dawo ƙasa, muka manna zanen a bango har malamai na leƙowa suna yabawa. Ranar jarrabawa kusan kowace yarinya ta jero mini hanyoyin tsabtace ruwa ba kuskure. Sai tambayar ƙarshe, wadda na ƙara don cike takarda kawai: mace ta ɗebo ruwan tafki, ta tace shi da ƙyalle har ya yi garau, shin ta ba ɗanta ya sha? Waɗanda suka ce a'a ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Duk tsawon hutu, ko ina tuƙa tuwo ko ina wanki, sai in ji tambayar nan ta dawo. Mijina, wanda ke kai albasa da wake Konni a tsallaken iyaka, ya ce tun da yaran sun ci jarrabawa ban da dalilin hana kaina sukuni. Ni kuwa na san da yawansu daga ƙauyukan gefen Amarawa da Darna suke, inda in damina ta sauka ruwan tafki ke shiga randa. Da aka koma makaranta, aka sake ba ni aji biyu, sababbin yara, na ga babin ruwa na jirana a tsakiyar zango, sai na rasa inda zan sa kaina. Na buɗe tsohon littafin darussana na rufe ban san sau nawa ba.

Shugabar sashen kimiyya, wata dattijuwa da muke kira Hajiya, ba ta daɗe da dawowa daga wani horo na malamai a Sakkwato ba. Ita ta lura da ni a ofishin malamai ina ta zirga-zirga tsakanin tebur da taga. Na kwashe labarin na gaya mata. Ba ta yi mini jaje ba. Ta ce in ɗauko manhaja in karanta mata abin da aka rubuta ƙarƙashin babin. Layi uku ne: ɗaliba ta iya faɗin abubuwan da ke gurɓata ruwa, ta iya nuna hanyoyin tsabtace shi, ta iya bayyana dalilin da ya sa ake tsabtace shi kafin a sha. Ta sa na ja layi ƙarƙashin kalmomin aikin, wato faɗa da nuna da bayyana. Sannan ta ce in aje maganar darasin farko tukuna.

"Ki rubuta mini abu guda da kike son ya zauna musu bayan sun manta sauran," in ji ta. "In kin samu, ki rubuta jarrabawar da za ta gwada miki shi. Darussa su ne na ƙarshe."

Na ɗauka aikin rabin awa ne. Kwana uku na yi a kai. Abin da nake son ya zauna musu bai ba ni wuya ba, na rubuta shi a jimla ɗaya: ruwa na iya yin garau alhali yana ɗauke da cuta, kuma kowace hanyar tsabtacewa da irin abin da take cirewa. Jarrabawar ce ta gagare ni. Ta farko da na kai wa Hajiya duk "lissafa" da "ambata" ce. Ta duba ta miƙo mini, ta tambaye ni ko yarinyar da ta haddace littafi ba tare da ta fahimci komai ba za ta iya cinye ta. Na ce za ta iya. Ta ce to ga amsa nan. Na koma kujerata raina a ɓace, ga zafi, ga ƙarar baburan kabu-kabu masu zuwa bakin iyaka ba sa tsayawa, na yaga takardar na sake. Ta biyu ma ba ta tsira ba, don manhaja ta ce a nuna, ni kuma ban ba su abin da za su taɓa da hannu ba.

A rana ta uku na rubuta wadda ta tsaya. Ranar ƙarshe za a raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni a ba shi gorar ruwan tafki da ƙyalle da yashi da gawayi da ɗan alif, irin wanda mata ke jefawa a ruwa don laka ta kwanta, ga murhu da tukunya a gefe. Su zaɓi abin da za su yi da tsarin da za su bi, su yi ina kallo. Hajiya ta ce a cikin rukuni, mai ƙoƙari ɗaya na iya rufa wa biyar asiri, don haka na ƙara kashi na biyu: kowace yarinya ita kaɗai ta rubuta abin da kowane mataki ya cire daga ruwan, abin da bai cire ba, da kuma ko ruwan ya isa sha. Daga nan na tsara ma'aunin ba da maki, mataki uku, na bayyana yadda amsa mai kyau take, da matsakaiciya, da wadda ba ta kai ba. Wadda ta ce ruwa ya isa sha don ya yi fari, ko da ta tace shi da kyau, ba za ta wuce matakin ƙasa a wannan ɓangaren ba.

Sai da wannan ya kammala na fara ja da baya. Na tambayi kaina me yarinya ke bukata kafin ta iya wannan aiki. Dole ta taɓa gwada tacewa da kwantar da laka da hannunta, wannan ya zama mako na uku. Kafin nan dole ta san akwai ƙazantar da ido ke gani da ƙwayoyin cuta da ba ya gani, mako na biyu ke nan. Mako na farko kuwa ya tafi kan inda ruwan gidajensu ke fitowa da abin da ke faɗawa cikinsa a hanya. Ƙarshen kowane mako na sa 'yar gajeriyar tambaya don in san inda suke. Da na gama jerawa sai na ga zanen rana da gajimare bai sami wuri ba. Darasin da na fi so ne. Na yi ta neman inda zan cusa shi, na sa shi a mako na farko, na cire, na mayar, har Hajiya ta tambaye ni wane ɓangare na jarrabawar yake taimaka wa. Babu ko ɗaya. Na bar shi sai babinsa ya zo.

Saura mataimakin shugaban makaranta, wanda shi ke sa hannu a littafin darussan kowane malami. Mutumin Sakkwato ne, gidansu ma'aikata ne tun kakanni, yana son komai a kan layinsa. Ya juya takarduna ya ga jarrabawa a shafin farko, darussa a baya, ya ɗauka na haɗa su a birkice ne. Da na yi masa bayani, kuma ya ji ina da niyyar karanta wa yara aikin ranar ƙarshe da ma'aunin maki tun ranar farko, sai ya cire tabarau.

"Malama, mi ya raba wanga da fidda jarrabawa kafin lokacinta?"

"Ranka shi daɗe, ko sun san tambayar, ba a haddace ta. Sai an iya."

Bai gamsu ba. Ya ce masu duba makarantu in sun zo jadawalin mako-mako suke nema, kuma ba shi son a ce wani aji ya bar hanya. Na nuna masa layukan manhajar nan uku, da inda kowanne ya faɗo a jarrabawar da kuma a darussan. Ya daɗe yana bin su da biro. A ƙarshe ya yarda bisa sharaɗi biyu: in ci gaba da kawo masa darussana duk Litinin a tsarin da aka saba, kuma ko ɗigo kada yarinya ta kai ruwan nan bakinta.

Ban sami natsuwar da na zata ba. Ƙarshen mako na biyu na ɗaga gora biyu a gaban aji, ɗaya ruwan tafki da na tace ya yi tas, ɗaya ruwan da na tafasa amma da ɗan duhunsa, na ce kowa ta rubuta wanda ta fi amincewa da shi. Fiye da rabi suka zaɓi mai kyan gani. Amma wannan karon akwai sauran mako biyu a hannuna. Na soke darasi ɗaya daga mako na uku na koma kan ƙwayoyin cuta. Ba mu da madubin ganinsu, sai na narka gishiri a ruwa, muka tace shi sau uku ta ƙyalle, na ɗanɗana da kaina a gabansu na ce har yanzu da gishiri. Na gaya musu ƙwayoyin cuta ba narkewa suke yi ba, amma ƙanƙantarsu ta sa su ma ƙyalle ba ya tare su. Wata daga baya ta tambaya ko shi ya sa kakarta ke dafa ruwan jariri ko da na rijiya ne. Ajin ya ɗauki surutu, kowa da labarin gidansu, na ƙyale su suka yi.

Ranar ƙarshe muka fito ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da gorunanmu. Ban iya tsayawa wuri ɗaya ba, ina kewaya rukunan da takardar maki, ina cije baki don kada in gyara wa kowa. Wani rukuni ya fara da tafasawa kafin laka ta kwanta, suka yi ta gardama, suka sauke tukunya suka sake daga farko. Wani rukunin ya tace ya tsaya nan, suna ta murnar farin ruwansu. Mataimakin shugaba ya zo ya tsaya daga nesa hannuwansa a baya, ya kalli rukunan sannan ya tafi.

Da na duba rubutunsu, mafi yawa sun rubuta cewa tacewa da alif laka suke cirewa, sai an tafasa sannan a sha. Kaɗan sun tsaya kan farin ruwa yadda suka faro, kuma na gane daga takardunsu cewa turancin tambayar ne ya kayar da wasu, abin da ban yi tunaninsa ba lokacin da nake tsarawa. Na rubuta wannan a gefen shafin don shekara mai zuwa. Litinin da ta biyo na kai littafina ofis, mataimakin shugaba ya sa hannu, ya tambaye ni wane babi ke gaba. Na ce na iska. Ya ce in kawo masa jarrabawarsa ranar Laraba ya gani kafin in rubuta ko darasi ɗaya. Na fito ina tunanin ta yaya yarinya za ta nuna mini abin da ba a gani, har na wuce ƙofar ajina sai da na dawo.