Ɗanmusa da Inna Mai Randa

Ɗanmusa tsohon duba-gari ne a Anka, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana leƙa randunan jama'a, matan gari na ɓoye moɗa in sun ji sallamarsa. Bayan ya yi ritaya, shekarar da amai da gudawa suka addabi Gummi, wata ƙungiya ta ba shi aikin rubuta darussan rediyo kan ruwan sha da tsabta.

Ya san ba mai sauraron wa'azin duba-gari, sai ya ƙirƙiro wata tsohuwa mai tsiwa, Inna Mai Randa, aka samu mai murya ta riƙa fitowa a matsayinta. Kowane darasi da maganarta yake rufewa: "Kowane ruwa na, ɗiyata, tafasa shi ki sha lafiya." Shirin ya karɓu. A kasuwar Bukkuyum har tura shi ake yi daga waya zuwa waya. Ɗanmusa ya sayi sabuwar hula, tafiyarsa ma ta sauya.

Ranar da ya je duba Hure, 'yar ƙanwarsa, a wata tunga kusa da Dareta, ya tarar da tukunya bisa murhu.

"Kawu, ka gani? Ba mu shan ɗanye yanzu."

"Madalla. Ina kuka ɗebo?"

"Tafki mana. Famfon ya lalace tun bara."

Ya san tafkin. Nan masu haƙar zinariya ke wanke garin dutse, dutsen kuwa cike yake da gubar dalma. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma ba rai gare ta ba balle wuta ta kashe ta. Ruwa ya ragu, ita tana nan. Ya dubi Zuhura, ɗiyar Hure, zaune jikin bango. Ta isa surutu, amma ko "Inna" ba ta cewa.

Ya koma gida ya rubuta darasin gyara, inda tsohuwar ke cewa ta yi kuskure, a guji ruwan da aka wanke dutse a ciki, a kai yara gwajin jini. Gidan rediyon suka ce ƙungiyar ta tattara ta tafi, tsofaffin darussan kawai ake maimaitawa in an rasa abin sawa.

Sai ya koma bin ƙauyuka a kan kabu-kabu, takardar na aljihu. Mutane na ba shi tabarma, su saurare shi cikin ladabi.

"Baba, mun ji. Amma Inna Mai Randa ba haka ta ce ba."

"Ni na rubuta ta."

"Kai, Baba, da gemunka?"

An kai Zuhura asibiti, gwaji ya nuna dalma a jininta. Da aka sallamo su ya sake zuwa. Famfon na nan yadda yake. Hure ta ɗora tukunya, ba ta dube shi ba.

"Kawu, to mi za mu sha?"

Ya laluba takardarsa. Wannan bai rubuta ba.