Litinin Hamsin da Biyu na Gwaggo

Gwaggona ta yi shekara ashirin da shida a ɗakin kati na wani asibiti, tana zaro fayil tana mayarwa. A cikinsu ta yi tara tana ma'ajin ƙungiyar adashen ma'aikatan asibitin. Mace ce gajeriya mai tabarau biyu, ɗaya na karatu ɗaya na kallon mutane. Ba ta iya magana a taro ba. In ta miƙe sai muryarta ta shige ciki, ta kama gyaran mayafi. Amma a ba ta biro da bayan ambulan ɗin wasiƙa, sai ta warware maka abin da ya fi ƙarfin mai digiri.

Tsarin ƙungiyar mai sauƙi ne. Bayan babban taron shekara kowa ya zuba abin da ya tara, daga likita har mai shara. Ma'aji ta ranta wa gwamnati kuɗin, a taro na gaba kowa ya karɓi nasa da riba. Takardun bashin gwamnati iri biyu ne, kuma Gwaggo ta raɗa musu suna. Gajera ita ce ta kwana casa'in da ɗaya, ko ɗari da tamanin da biyu, ko ɗari uku da sittin da huɗu. Doguwa kuwa ta shekaru ce, biyar, goma, har ashirin. Gwaggo ba ta taɓa sayen doguwa da kuɗin da za a raba baɗi ba.

Abin da take aiki da shi rahoto ne mai shafi ɗaya. Wani ƙaramin kamfani ke aiko shi, ba hannun mutum a ciki. Na'urarsu ke kwaso sakamakon gwanjon takardun da farashin da kasuwa ta tashi da shi ranar Juma'a, ta jera, ta turo kowace Litinin da ƙarfe bakwai na safe. Ƙungiyar ba ta da imel, don haka Gwaggo ta ba da nata. Kuɗin rahoton kuma banki ke cirewa da kansa daga asusun ƙungiya. A lokacin ina zaune a gidanta bayan na gama jami'a, kuma na saba jin ƙarar wayarta daidai lokacin da butar shayi ke tafasa.

A taron shekara ta taran ne aka tsige ta. Shugaban ƙungiya, wanda shi ne babban jami'in sito, ya zo da surukinsa, wani akawun ofishin albashi da ake kira Mai Takalmi saboda ƙyallin sawunsa. Mai Takalmi ya riƙe makirfo kamar an haife shi da ita.

"Jama'a, tambaya ɗaya ce. Hajiya za ta sa kuɗinku a takardar sha biyar cikin ɗari. Ni ina da ta sha shida. Sha biyar da sha shida, wanne ya fi? Ko yaron firamare ya amsa."

Gwaggo ta miƙe. Ta ce sha biyar ɗin nan ragi ne, ba riba ba. Gajera ana sayenta a ƙasa da farashinta: ka biya tamanin da biyar yau, a ba ka ɗari bayan shekara. Sha biyar a kan tamanin da biyar kuwa ya haura sha bakwai da rabi. Ta so ta ƙara cewa tasa doguwa ce ta shekara goma, amma makirfon ya yi ƙara, muryarta ta ɓace.

Shugaba ya yi dariya ya ce, "Kun ji ko? Sha biyar ta haihu ta zama sha bakwai. Hajiya, ashe ɗakin haihuwa ya kamata a kai ki, ba ɗakin kati ba."

Zauren ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce a bincika inda ragowar biyun ke zuwa duk shekarun nan. Wannan maganar ce ta tsaya mata. Ta ajiye makullin akwatin ƙungiya a kan tebur, ta fita ta ƙofar gefe. Aka naɗa Mai Takalmi ma'aji.

Ranar Litinin da ƙarfe bakwai wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta sauya tabarau, ta sake dubawa. Ba wanda ya tuna da rahoton, balle ya sauya adireshi. Mai Takalmi bai ma san da shi ba.

Na ce, "Gwaggo, a tura masa?"

Ta ce, "Ya tambaya?"

A ƙasan rahoton akwai wurin da mutum zai sa takardar da yake son a bibiya masa. Ta nemi lambar doguwar da ya saya daga sanarwar ƙungiya, ta sa ta. Daga ranar, kowace Litinin in za ta aiki sai ta tsaya shagon kwafi na bakin titi ta buga shafin. Ta sayi koren fayil irin na marasa lafiya, ta rubuta a bangonsa: Majinyaci.

A mako na uku gwamnati ta fara ba da riba mai tsoka a sababbin takardu. Ba wanda zai sayi tsohuwa mai sha shida a kan ɗari alhali ga sabuwa da ta fi ta, sai in an rage masa farashi. Doguwar Mai Takalmi ta sauko zuwa casa'in da bakwai da rabi. Gwaggo ta zagaye lambar da jan biro, ta ce, "Zazzaɓi ya fara." Ran nan ta ci abinci har da ƙari.

Ban taɓa ganin mutum ya yi kiwon fushi kamar yadda ta yi ba. Ba ta zagi kowa ba. In ta haɗu da Mai Takalmi a baranda ita ke fara gaisuwa: "Ranka ya daɗe ma'aji, ya jikin kuɗinmu?" Ya ce, "Suna ƙiba, Hajiya." Ta ce, "Madalla." In shugaba ya zo neman katin matarsa, ta zaro masa cikin minti ɗaya, har da goge ƙura. A gida kuwa, ranar Lahadi da yamma sai ka ga tana duba caji a wayarta sau uku.

Casa'in da biyar. Casa'in da uku. Wani mako ta ɗan farfaɗo zuwa casa'in da huɗu, Gwaggo ta wuni da ciwon kai.

Akwai wadda ake kira Uwar Kicin, mai dafa abincin marasa lafiya, ƙawarta tun suna 'yan mata. Kullum da azahar tare suke cin abinci a bayan kicin, a kan benci mai ƙafa uku da bulo. Uwar Kicin ta zuba duk abin da ta mallaka a ajiyar shekarar, domin da ribar za ta cika kuɗin makarantar koyon jinya na autarta. Ta riga ta gaya wa yarinyar. Wata rana ta zo gidanmu, na ji ta tana cewa, "Ke da kika san kan abin, sha shidan nan za ta fito ko?" Gwaggo ta ce, "Ai ni yanzu 'yar kallo ce." Ta miƙa mata ruwa. Koren fayil yana ƙarƙashin matashin da Uwar Kicin ta jingina da shi.

Bayan ta tafi na ce, "Gwaggo, in aka sayar yanzu asarar kaɗan ce."

"Na sani."

"To ita fa?"

Ta daɗe tana goge tabarau. Ta ce, "Ita ma ta yi dariya ran nan. Layi na biyu, kusa da taga."

Sati biyu kafin taro Mai Takalmi ya je sayar da takardar don a raba kuɗi. A kasuwa riba ta kai sha tara, dillali ya ce masa tamanin da bakwai. Aka ce ya zauna a kan matakalar bankin har takalminsa ya yi ƙura. Gwamnati ta biya shi sha shidansa cif, rabi a tsakiyar shekara rabi a ƙarshe, amma sha uku ta zube a farashi. Duk wanda ya zuba ɗari zai tashi da ɗari da uku.

A taron shugaba ya ce ƙaddara ce, kasuwa ce, ba wanda ya isa ya hango. Ya ce in za a yi haƙuri, gwamnati za ta mayar da ɗarin cif ranar da takardar ta nuna. Direban motar asibiti ya tambayi yaushe. Da ya ji saura shekara tara ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ritaya zan yi baɗi."

Sai Gwaggo ta miƙe da koren fayil. Ba ta karɓi makirfo ba. Ta bi layi-layi tana miƙa shafuka, ɗaya ga kowa, har hamsin da biyu suka ƙare. Ta ce kowa ya karanta lambar da ke cikin jan da'ira, a fara daga na farko. Aka fara: ɗari, casa'in da tara, casa'in da bakwai da rabi. Masu shara, masu gadi, nas-nas, kowa da muryarsa, lambar tana gangarowa. Kafin a kai arba'in Mai Takalmi ya sunkuyar da kai. Da aka gama ta ce wa mai shafi na farko ya duba layin sama, inda aka rubuta ainihin ribar gajera ta shekara. Ya karanta: sha bakwai da ɗigo shida.

Ta juya ga shugaba. "Ta haihu, ranka ya daɗe. Sai dai ba a gidanmu ba."

Wannan karon shi aka yi wa dariya. Ta ƙara da cewa rahoton nan ƙungiya ke biyan kuɗinsa, kuma yana cikin lissafin da ma'aji ya sa wa hannu sau goma sha biyu bai tambayi ko mene ne ba. Nan take aka tsige su biyun. Aka turo mata makullin akwati.

Tana miƙa hannu Uwar Kicin ta ɗaga shafinta. Na uku ne ya faɗo hannunta.

"Wannan jan biron naki ne?"

"Nawa ne."

"Tun mako na uku ke nan. Kwano nawa muka ci tare daga nan zuwa yau?"

Uwar Kicin ta ce tana da shawara ɗaya: a mayar wa Hajiya makulli, amma rahoton ya daina zuwa wayar mutum ɗaya. A manna shi a allon sanarwa kowace Litinin, kowa ya gani. Hannuwa suka tashi, har da na Gwaggo, daga ƙarshe.

Yanzu shekara biyu ke nan. Ita ke manna shafin da kanta kafin takwas, a allon da ke tsakanin ɗakin magani da kicin. Autar Uwar Kicin ta jira shekara guda kafin ta shiga makaranta. Gwaggo tana cin abincinta a ɗakin kati, tsakanin kantoci. Na taɓa tambayarta ko da za a maimaita za ta yi magana a mako na uku. Ta ce, "Kin ga fuskar Mai Takalmi da aka kai tamanin da tara?" Ta rufe kwanonta, rabin abincin yana ciki.