Minti Ashirin da Biyar ga Kowace Tambaya

Shekarar da nake ajin ƙarshe na sakandare a Isa, ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Mazan ƙauyenmu, kusa da Turba, suka watse cin rani, ni kuma na zama mai rubuta wa matansu wasiƙa duk ƙarshen mako. Ina jin a nan na koyi doguwar shimfiɗa. Sai na cika shafi da gaisuwa kafin in ce hatsi ya ƙare.

Babana ya riga ya faɗa mini sau ɗaya za ni zauna jarrabawar fita. In ban ci ba, in bi yayana Kudu. A jarrabawar gwaji ta tarihi kuwa aka ce mu amsa tambaya huɗu cikin awa biyu, na amsa ɗaya da rabi. Malaminmu ya ɗaga takardata, ya ce na tsaya gaida tambayar farko har da tambayar lafiyar awakinta. Aji ya kwashe da dariya, har da ni.

Da aka tashi ya zaunar da ni. Ya ce makin tambayoyin daidai yake, don haka komai kyan amsa guda, ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. In ware minti goma in karanta duka in zaɓa, in ba kowace ashirin da biyar, goma na ƙarshe na dubawa. Kafin kowace amsa in jera kanun maganata, kalma bibbiyu, cikin minti uku. Lokacinta na cika, in bar fili in wuce.

A kan wasiƙar Inna, matar baffana, na fara gwadawa. Na ce ta faɗi kanun tukuna. Ta ce hatsi, akuya ta haihu, sai yaushe Baffa zai dawo. Kafin ta gyara zama na gama. Amsar Baffa ta zo yana tambaya ko ya yi wa wani laifi ne, don ko gajiyarsa ba a tambaya ba. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta sa na rubuta masa dalili. Mai zuwa gida na gaba ya kawo mini aron agogon Baffa.

Ranar jarrabawa tambayar daular Gobir ta fito, wadda na fi sani. Lokacinta ya cika saura kanu biyu. Na bar fili na wuce. Na gama huɗun, na dawo na cike kanun nan biyu a taƙaice. Ba na cewa amsoshin sun yi kyau sosai, sai dai babu wadda na bari ba komai.

Da sakamako ya fito na ci, Inna ta rangaɗa guɗa, sannan ta miƙo mini takarda.

"To, ɗan boko, tunda ka ci, sai ka maido muna gaisuwarmu. Shafi guda cur nika so."