Inda Masu Sayenta Suke

Autar gidansu ce ta ɗauki ɗinki da gaske. Kekenta na cikin wani ɗan shago a bayan gida, sai wayarta mai tsagaggen gilashi, wadda da ita take ɗora hotunan rigunanta a shafinta na sada zumunta. Mutane na yabawa, amma yabon bai taɓa zama ciniki ba.

'Yar gwaggonta, wadda take kira Yaya, ita ta nuna mata inda alƙaluman shafin suke: mutum nawa hoto ya kai wa, nawa suka adana shi, nawa suka turo saƙo. Iyakar abin da Yaya ta sani ke nan, tunda ita turare take sayarwa. Sauran kuwa Auta ce ta haƙa da kanta.

Sannu a hankali ta gano cewa rigunan biki, da take kashe idonta a kansu, su ne masu tara yabo, amma ba mai tambayar kuɗinsu. Wata riga mara kwalliya, mai zif ɓoye a ƙirji, ita ake adanawa, ita ake tura wa ƙawaye. Da ta duba masu bibiyarta sai ta ga yawancinsu mata ne masu shekarun goyo, kuma da hantsi suka fi shigowa. Masu shayarwa ne ke neman abin fita kunya! Ta koma ɗinka wannan, tana ɗorawa da hantsi. Kafin shekara ta zagayo ta ƙara keke, ta ɗauki mai taya ta.

Ita kuma Auta ba ta iya ɓoye murna ba. Duk abin da ta gano sai ta kai wa Yaya, waya a hannu, tana nuna mata da yatsa.

Sai saƙonni suka fara ja baya. Ta duba alƙaluman: hotuna na kai wa mutane kamar da, ana adanawa kamar da, oda ce kawai babu. Ke nan ba rigar aka daina so ba, wani wuri ake saye. Wata tsohuwar mai saye ce ta turo mata hoton wata talla, tana tambaya ko sabon reshe ta buɗe. Rigar ce sak, har zif ɗin, a farashi mai rahusa. Lambar wayar da ke ƙasa kuwa Auta ta haddace ta tun tana makaranta.

Ta sami Yaya tana ƙulla turare a leda.

"Yaya, ni za ki yi wa haka?"

"Me na yi? Wasu teloli na samu suna ɗinka min. Kasuwa ai ta kowa ce, Auta."

"Ni na nuna miki su waye, da lokacin da suke shigowa."

Yaya ba ta ko ɗago ba. "To wa ya fara nuna miki wurin dubawar?"

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Cinikin ya farfaɗo daga baya, domin ɗinkin rahusa zif ɗinsa bai daɗewa. Amma har yau, in ta gano sabon abu a alƙaluman nan, takan ɗago da murnarta, sai ta tuna ba wanda za ta nuna wa, ta kife wayar.