Gawon maƙwabci da fitilar Inna

Kuran ɗin Magarya, wato wutar lantarkin garinmu, ba ya sallama in zai tafi. A shekarar da likita ya ce idon Inna yana mutuwa a hankali, abu ɗaya ta roƙe ni, fitilar da za ta riƙa karatun Alƙur'aninta bayan magariba, tun tana iya ganin baƙi.

Da damina na kawo mai haɗa sola. Ya kafa panno, farantin da ke kama hasken rana, a kan rufin ɗakinta, ya fuskantar da shi kudu, ya ɗan kishingiɗa shi. Ya fara haɗa batir da regilater, ƙaramin akwatin da ke tsare batir daga cika fiye da kima ko ƙarewa ƙarƙaf, sannan ya jona panno, ampul uku, wato ƙwayayen fitila, daga ƙarshe. Gawon maƙwabcinmu yana tsaye kudu da katanga, ba ganye ko ɗaya, don haka ba wanda ya ko kalle shi. Inna ta yi ta karatu har aka yanke gero.

Daga nan abin haushi ya fara. Kafin isha'i sai regilater ya nuna ja, ya yanke wuta. Na zargi yara da cajin salula, na zargi batir, na kira mai haɗin na wanke shi tas. Ƙanena, sarkin dabara, ya ce mu tsallake akwatin mu ja wuta daga batir kai tsaye. Na ce in ya kashe mini batir shi zai zama fitilar.

Mai haɗin ya zo da tsakar rana ya hau rufi, sai ya kira ni. Gawo ya cika da ganye kamar yadda ya saba da rani, rana kuma ta karkata kudu, inuwar reshe ta kwanta a gefen panno.

"Ɗan wannan?" na ce.

"Malam, ƙananan gidajen da ke cikin pannon nan a jere suke kamar dabbobi a igiya ɗaya. In ɗaya ya tsaya, sauran ma sun tsaya."

Na je wurin maƙwabcin, dattijo mai awaki. "Baba, reshe ɗaya kawai za a sare."

"Ɗana, reshen nan ya fi kowane zubar da 'ya'ya. Me awakina za su ci? Kuma ka san 'yan gandun daji ba sa barin a sare gawo."

Na yi ta zarya, yana ta "sai mun gani". Taurin kaina ya haɗu da nasa, Inna kuwa tana zaune da Alƙur'ani rufe a cinya. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Sai da zafi ya shigo na haƙura, na sayo waya mai kauri saboda nisa, muka mai da panno kan zaure. Batir ya cika. Da magariba na kunna ampul, ɗakin ya yi fes, na miƙa mata Alƙur'anin.

Ta buɗe, ta ɗaga fuska sama, ta ce, "To kunna mana, ɗan nan."