Simintin Ƙofar Gidanmu

Ina cikin wata na uku na takaba aka yi kiran aikin gayya. Daga lasifikar masallacin layinmu na ji, bayan sallar la'asar ta wata Juma'a. Liman ya faɗa da Hausa, wani ya maimaita da yaren Mosi: ranar Lahadi da safe za a yashe kwatocin unguwarmu ta Zango kafin damina ta sauka sosai, kowane gida ya fito da mutum ɗaya, mai shebur ya zo da shebur, mai diga ya zo da diga, meri, wato hukumar gari, ta yi alkawarin motar kwashe datti. Kafin magariba saƙon ya shigo wayata har sau uku, ɗaya da Faransanci.

Na ajiye wayar. A shekarun baya maigidana ne ke fita wannan aiki da sunan gidanmu. Direba ne, mutumin Nijar, kuma ko yana kan hanya yakan lissafa tafiyarsa don ranar ta same shi a gida. Takalman robarsa suna nan a bayan ƙofar ɗakin ajiya, ban taɓa su ba.

Ƙanwata, wadda ta baro gidanta a unguwar Tampouy ta zo zama da ni, ta ce ita za ta fita.

"Ke da ba ki taɓa riƙe shebur ba?" na ce.

"Zan koya, Yaya. Ai ba jarrabawa ba ce."

Kwatar layinmu, wadda yara ke kira kanibo, tana bin gindin katangu ne ta gangara zuwa babbar magudana a bakin titi. A ƙofar kowane gida akwai ƙananan falalen siminti da aka jera a kai, waɗanda mutum biyu za su iya ɗagawa a yashe ƙasansu a mayar. Mu kaɗai ne ba haka ba. Shekarar da maigidana ya sayi motarsa ta kansa, ya sa aka binne bututu a cikin kwatar, aka zuba siminti guda mai faɗi a kai, don motar ta riƙa shiga gida. Ya yi alfahari da simintin nan ƙwarai. A kansa yake shimfiɗa tabarma da yamma, ya dafa shayi, abokansa su zo. Ni kuma daga cikin ɗaki, da na ji ƙarar taya ta hau shi, na san ya dawo.

Gidan da ke sama da namu na wata tsohuwa ce 'yar Mosi mai sayar da daddawa, kowa a layin yana ce mata Yaaba, wato kaka. Tun ranar da aka yi rasuwa ba ta fasa shigowa da safe ba. Takan zo da kunu a ƙaramin kwano, ta zauna a bakin tabarmata, ba ta yawan magana. Wani lokaci sai ta ɗora hannunta a kan ƙafata kawai, ta daɗe, ta tashi ta tafi. Sau ɗaya ta makara, washegarin ruwan farko da aka yi mako guda kafin kiran. Da na tambaye ta, ta ce gwiwa ce.

Ranar Lahadi tun ƙarfe bakwai layin ya cika da hayaniya. Na shimfiɗa tabarma a zaure, bayan ƙofa, inda zan ji komai ba tare da na fita ba. Daga bakin titi suka fara, don in aka buɗe ƙasa tukuna, ruwan da ya kwanta a sama zai sami hanya. Ina jin ƙarar falale ana ture su da ƙarfe, shebur yana gogar siminti, baro yana kuka saboda rashin mai. Wari ya taso, irin na baƙin taɓo da ya daɗe a rufe. Mata suna raba ruwan gero mai sanyi, wani yana tsokanar wani cewa ya zo da farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na yi dariya ni kaɗai, karo na farko a cikin kwanaki da yawa.

Wajen ƙarfe goma aikin ya iso ƙofarmu. Na ji an zura dogon rodi a cikin bututun, ana bugawa, ana ja. An yi ta yi kusan rabin sa'a. Sai muryoyi suka yi ƙasa, kamar an shiga ɗakin marar lafiya. Bayan ɗan lokaci na ji sun wuce gaba, sun fara ɗaga falalen gidan Yaaba.

Ƙanwata ta shigo shan ruwa, taɓo har gwiwa, safar hannu ɗaya ta yage.

"An gama namu?" na tambaye ta.

"An taɓa."

"An taɓa ko an gama?"

Ta sha ruwanta, ta ƙi kallona. Na san ta tun tana goye, na kuma san wannan fuskar. Na ce ta zauna ta faɗa mini.

"An ce kada a gaya miki," ta ce. "Bututun ya toshe da yashi da leda, ya yi tauri kamar dutse, rodi ba ya wucewa. Maginin da ke jagorantar aikin ya ce ko an buɗe shi ma, ya yi ƙanƙanta, même pas la moitié, bai kai rabin faɗin kwatar ba. Duk ruwan da ya gangaro daga sama nan yake tsayawa ya koma baya."

"Ya koma ina?"

Ta ce, "Ɗakin Yaaba. Gidanta ya fi titi ƙasa. Ruwan makon jiya ya shiga har ƙarƙashin gado, ya jiƙa katifa, ya ɓata mata daddawa kwando biyu. Bara ma haka. Ita ce ta hana a yi maganar. Ta ce ba a fasa wurin zaman mutum matarsa tana takaba."

Na tuna safiyar da ta makara, ta shigo da kwanon kunu da zafinsa. Wato daga kwashe ruwa a ɗakinta ta hura wuta ta dama mini. Kuka ya zo mini, na danne shi, na ce a kira mini magini.

Maginin nan dattijo ne, abokin maigidana, shi ke jagorantar aikin gayya kowace shekara, kuma shi ne ya zuba simintin da hannunsa. Ya yi sallama ya tsaya daga waje, ni ina daga ciki, ƙofar tana tsakaninmu.

"Hajiya, ya haƙuri?"

"Da godiya, Malam. Sannunku da aiki. Ashe simintinmu ne ke tare ruwa?"

Ya ce, "Laifina ne, Hajiya. Lokacin da muka zuba shi layin bai cika haka ba, kuma ba a zubar da leda kamar yanzu. Mun yi maganar da marigayi bara. Ya ce in rani ya yi za mu fasa mu sa falale masu ƙarfe a ciki, waɗanda za su ɗauki mota. Allah bai nufa ba."

Ban san sun yi wannan magana ba. Jin ta ya sauƙaƙa mini wani abu a ƙirji.

"To ku fasa yau."

"Za mu iya jira ki fita takaba. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki."

"Ruwan sama zai jira ni? Ku fasa, Malam, tunda ga mutane a tare."

Ana cikin haka Yaaba ta kutso ta gefensa ta shigo zauren, tsintsiyar kwakwa a hannunta, tana faɗa da yaren Mosi, tana neman wanda ya tona mata asiri. Ƙanwata ta ɓuya a bayana kamar yarinya.

"'Yata," Yaaba ta ce da ni, "katifa tana bushewa. Ni na saba."

"Yaaba, in kin saba ni ban saba ba. Yaya zan sha kununki bayan yau?"

Ta dube ni, ta jefar da tsintsiyar, ta zauna a kan tabarmata da ƙafafunta masu taɓo. 

An aika aka aro babbar guduma wajen masu walda. Magini ya ce shi zai fara. Na ji ya yi bismillah, sai bugu na farko ya ratsa ƙasa har inda nake zaune. Yaaba ta kama hannuna ta riƙe. Simintin bai fashe da wuri ba, don an zuba shi da kyau, maza suka riƙa karɓar gudumar ɗaya bayan ɗaya. Wani daga cikin abokan shayinsa ya ce, "Allah ya jiƙan mai wurin nan, ko a siminti ba ya ha'inci." Aka yi dariya, aka ce amin, ni ma na ce amin hawaye yana zuba.

Sai bayan azahar suka ciro bututun. Ƙanwata ta riƙa shigowa tana ba ni labarin abin da ke ciki: yashi cunkus, ledojin ruwa ba iyaka, tsumma, silifa ƙafa ɗaya, murfin tukunya. Da aka kwashe na ƙarshe, baƙin ruwan da ya kwanta a gaban gidan Yaaba ya motsa, ya bi ta ƙofarmu ya gangara. Mutane suka yi shewa. Aka ɗora katako biyu a kan ramin don masu shiga da fita.

Motar meri ba ta iso layinmu ranar ba. Magini ya ce in aka bar tarin taɓon a bakin kwata, ruwa ɗaya zai mayar da shi inda aka ciro shi, don haka waɗanda suka rage suka yi ta jigilarsa da baro da keken kaya mai ƙafa uku zuwa wurin tara shara a bakin titi, har la'asar. Na sa aka dafa shinkafa da wake a babbar tukunyarmu aka fitar musu.

Ranar Laraba da rana hadari ya haɗu daga gabas, aka yi ruwa mai ƙarfi. Na tsaya a zaure na ɗan buɗe ƙofa. Kwatar ta cika kusan baki, ruwa ja yana gudu a ƙarƙashin katakon, yana ɗauke da 'yan ledoji, bai tsaya ba. Da aka ɗauke ruwan, na ji muryar Yaaba ta kan katanga.

"'Yata! Kina ji na? Ɗaki a bushe!"

Bayan mako biyu magini ya kawo falale huɗu da ya zuba a gidansa, ya jera su, ya nuna wa ƙanwata inda ake sa ƙarfe a ɗaga. Ranar da na fita takaba, gidan Yaaba na fara shiga. Na same ta tana shanya sabuwar daddawa a tsakar gida, ta miƙo mini faifai ta ce in taya ta, kada kaji su riga mu.